Tsarabar Sallah zuwa gidan surukai: turaren feshi, kwalbar inabi da dokin tagulla

Maman_Hanan: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawara kafin in rufe jaka. Babbar Sallar nan a Katsina za mu yi, gidan su maigidana, kuma ni aka bar wa haɗa tsaraba. Baba limamin masallacin unguwa ne, mai karatun zaure, ya haura shekara saba'in. Na saya masa turaren feshi mai tsada, sai da na dawo gida na ga an rubuta Alcohol Denat. a bayan kwalin. Na kuma sayi kwalba biyu na ruwan inabi mai kumfa, wanda aka ce babu giya a ciki, da wani dokin tagulla na ado da ake ɗorawa a tebur, don na san Baba da son dawaki. Sannan akwai Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda mijinta ya rasu a watan Sha'aban. Na tanadar mata humra da atamfa ko hankalinta ya ɗan kwanta. Abban Hanan ya duba ya ce shi bai ga laifi ba, amma in dai tambaya. Wanne zan kai, wanne zan ajiye?

Sadi_Injiniya: Wa alaikumus salam. Turaren ki kai abinki. Wannan da ake zubawa a turare ba irin na giya ba ne, sinadari ne daban, suna ne kawai ya zo ɗaya. Kuma Annabi (SAW) ba ya mayar da turare.

Zee_Famasi: Malam Sadi, rabin maganarka daidai ce. Wanda suna ne kawai ya zo ɗaya shi ne irin Cetyl Alcohol da Stearyl Alcohol da ake gani a jikin man shafawa. Waɗannan kamar kakin zuma suke, ba sa bugarwa ko an ci. Amma Alcohol Denat. ainihin sinadarin da ke bugarwa a cikin giya ne, sai dai an zuba masa abu mai tsananin ɗaci ko mai cutarwa don kada a sha. Kuma ba ɗan kaɗan ba ne a kwalbar. Turaren feshi mai ƙarfi man ƙamshinsa bai cika wuce kashi 15 zuwa 20 cikin 100 ba, mai sauƙi kuma ƙasa da haka, sauran kusan duk wannan ruwan ne. Shi ya sa in kin fesa a hannu za ki ji sanyi, nan da nan ya bushe. Hukuncinsa kuwa na bar wa malamai.

Hajiya_Babba: Ku ajiye maganar turaren Malam tukuna. 'Yata, ran nawa ga Sha'aban mijin Gwaggon ya rasu? Wannan ce ta fi tayar mini da hankali a duk jakar.

Maman_Hanan: Hajiya, ina jin ran 10 ga wata ne, ranar da ta rage kwana ashirin a kama azumi.

Auwal_Funtuwa: To ai shi ke nan ta fita. Ramalana, Shawwal, Zulƙida, Zulhajji, wata huɗu cif ranar Sallah.

Hajiya_Babba: Auwal, ina ka kai kwana goman? Takaba wata huɗu ne da kwana goma, haka ya zo a Baƙara aya ta 234. In ran 10 ga Sha'aban ya rasu, wata huɗu zai cika ran 10 ga Zulhajji, sannan a ƙara kwana goma, sai wajen 20 ga wata za ta fita. Ke nan ranar da za ku shiga gidan tana cikin takaba tsundum. Mai takaba ba ta shafa turare, ba ta sa kwalli, ba ta ƙunshi, ba ta sa kayan ado. Ke kuma ki shigo mata da humra, wadda kowa ya san ta kwalliyar amare ce da matan aure. Ita za ta karɓa ta yi godiya saboda kunya, amma matan da ke zaune a ɗakin ba za su manta ba. Wata za ta ce matar ɗansu ba ta san addini ba, wata ta ce gatse aka yi mata, wata ma ta ce nuna mata ake ta fara shirin wani auren tun ƙasar kabarin mijinta ba ta bushe ba. Ki cire humrar nan daga jakar yau ɗin nan.

Maman_Hanan: Innalillahi. Atamfar fa, Hajiya? Kore ce mai zanen ganye.

Hajiya_Babba: Atamfa da sauƙi, tunda ba ɗinkakkiya ba ce. Amma ni da ni ce, sai in ba uwar mijina ajiya in ce a miƙa mata ranar fita takaba, ranar da dama ake kai mata sabon kaya. A haɗa da humrar ma a lokacin in dai kin san tana amfani da ita. Yanzu abin da zai amfane ta shi ne abin ci da abin kashewa: shinkafa, man girki, sukari, madara, ɗan kuɗi a ambulan. Mace ce da ba ta fita yawo, ga masu zuwa gaisuwa kullum ana ɗora musu tukunya. Ko sabulu za ki sa, ki zaɓi marar ƙamshi.

Abu_Sumayya: Hajiya ta gama magana a kan takaba, Allah ya ƙara lafiya. Bari in koma kan turaren Liman, don abin da Malam Sadi ya kawo gaskiya ne amma bai rufe ƙofar ba. Hadisin Anas yana cikin Buhari, cewa Manzon Allah (SAW) ba ya mayar da turare. To amma wannan shi ne ma abin da zai sa dattijon cikin takura. Ba zai iya mayarwa ba, kuma wataƙila ba zai iya shafawa ba.

Dalili shi ne mafi yawan malaman mazhabobi huɗu, har da Malikiyya da aka karantar da Baba a kanta, suna ɗaukar giya najasa ce a kan kanta, suna kafa hujja da ayar Ma'ida ta 90. Wasu kuma tun daga magabata sun ce haramun ce a sha amma ba najasa ba ce. Cikinsu akwai Rabi'a, malamin Imamu Malik, da Laisu ɗan Sa'ad da Muzani almajirin Shafi'i. Hujjarsu ita ce da aka haramta giya sahabbai sun kwarara ta a hanyoyin Madina, da najasa ce ba za a zubar da ita inda mutane ke takawa zuwa masallaci ba. A malaman zamani Shaihu Ibn Usaimin yana kan cewa ba najasa ba ce, duk da ya fi son a bar turaren da ta yi yawa a ciki in babu buƙata. Shi ya sa za ki ga malami na gari yana fesawa, wani malamin na gari ba ya ko taɓawa.

To ke ba fatawa za ki je yi ba, kyauta za ki kai. Mutumin nan sau biyar yake shiga gaban sahu a rana da rigar da zai fesa wa turaren. In yana kan ra'ayin najasa, abin da kika kawo masa zai taɓa tsarkin tufafin da yake ja wa mutane salla da shi. Ba zai faɗa miki ba, suruki ba ya faɗa. Zai sa a ajiye a saman kabad.

Sadi_Injiniya: Na karɓi gyaran Malama Zee. Amma Malam, ashe ba zai iya ba wani ba? Kyauta ai in ta shiga hannunka ta zama taka.

Abu_Sumayya: Zai iya, in yana ganin halaccinsa ga wanda zai ba. Akwai ma asali: Annabi (SAW) ya aika wa Sayyidina Umar rigar alharini, Umar ya zo yana mamaki tunda an hana maza sa ta, sai ya ce masa ban ba ka don ka sa ba. Umar ya aika wa wani ɗan'uwansa a Makka da bai musulunta ba a lokacin. Amma ka lura, can Annabi ne mai bayarwa kuma ya yi bayani da bakinsa. Nan matar ɗa ce za ta durƙusa ta miƙa wa surukinta. Ina bakin da za ta ce "Baba, ba don ka shafa na kawo ba"?

Ummu_Affan: Ni dai mahaifina limami ne a Zariya kuma turaren feshi yake amfani da shi shekara da shekaru. Kada mu mayar da duk dattijo mai tsanani. Maman Hanan, mijinki ai a gidan ya tashi, bai san abin da babansa ke shafawa ba?

Maman_Hanan: Na tambaye shi yanzu. Ya ce tun tasowarsa ɗan ƙaramin kwalba yake gani a aljihun Baba, mai sanda a jikin murfi, bai taɓa ganinsa da na feshi ba. Amma ya ce wataƙila don ba a saya masa ba ne.

Ya_Falmata_Turare: Amsarki ke nan, ƙanwata. Dattijon da yara da almajirai suke kawo wa tsaraba shekara arba'in, a ce ba a taɓa kawo masa na feshi ba? An kawo, bai shafa ba. Ni sana'ata ke nan a Maiduguri, bari in faɗa miki abin da za ki nema. Ki je wajen masu turaren mai, waɗanda suke aunawa da tola. Tola ɗaya wajen mililita 12 ce, rabi 6, kwata 3. Ga dattijo malami, udu ko farin miski ko ambar ko sandal. Rabin tola na mai kyau ya fi tola biyu na sirkakke daraja a wajensa, don su sun san turare fiye da yadda kuke zato.

Yadda za ki gane babu sinadarin nan a ciki: ki ɗiga a bayan hannu. In kin ji sanyi, wari mai kaifi ya fara dukan hancinki kafin ƙamshin ya fito, sannan wurin ya bushe ƙarƙaf, to akwai. Na mai zalla ba ya sanyi, yana barin sheƙi a fata, in kin ɗiga a farar takarda tabon zai zauna. Akwai kuma na feshi da aka haɗa da ruwa, shi za ki gan shi fari kamar madara a kwalba, sai an girgiza. Wannan babu komai a ciki, amma sai kin yi bayani, kuma Malam Abu Sumayya ya faɗi matsalar bayani a gaban suruki.

Abu ɗaya: udu mai duhu yana ɓata farar shadda. In Baba mai fararen kaya ne, miski fari ya fi masa.

Ɗan_Damagaram: In na mai ake nema mai sauƙin samu, ga Bintu Sudan nan, a Kano ake yin sa, babu giya a ciki ko ɗigo. Kakanninmu da shi suka tashi.

Hajiya_Babba: A'a ɗana, kada ka tura ta can. Ba a ce turaren yana da laifi ba, amma a gidaje da yawa a ƙasar Hausa in an ji ƙamshin Bintu Sudan ko ɗan goma, hankali wuri biyu yake tafiya: ko wajen 'yan bori da masu duba da suke sa a sayo musu, ko wajen gawa. Ni na ga inda wani yaro ya kai wa kakansa marar lafiya farin yadi da ɗan goma, da kyakkyawar niyya, wai a ɗinka masa jallabiya. Tsohon ya duba ya ce an kawo masa likkafaninsa tun yana numfashi. Sai da aka yi ta ba shi haƙuri. Farin yadi marar ɗinki da irin wannan turaren, ko kafur, ba a haɗa su a leda ɗaya a kai wa tsoho.

Ya_Falmata_Turare: Hajiya, wannan kuma ya danganta da gari. Mu a Borno yana cikin abin da ake zubawa a haɗin turaren wuta, babu wanda yake kawo bori a ransa. Amma tunda Katsina za ta je, maganarki za ta bi. Kuma tunda an taɓo humra: masu ganin humra ta gargajiya ce don haka babu sinadarin nan a ciki, su sani yawancin masu haɗawa muna zuba turarukan feshi a ciki bayan an daka sandal da farce da sauran kayan. Duk wadda take gudunsa ta faɗa tun wajen oda.

Ɗan_Damagaram: To na ji. Mu a Zinder tsofaffi na shafa shi ranar Juma'a lafiya lau, shi ya sa na kawo.

Bash_Legas: Ni tawa matsalar daban ce. A wajen aikinmu duk ƙarshen shekara ana raba kwandon kyauta, kuma kullum akwai kwalbar giya a ciki da cakulan. Ina cire kwalbar in ba maigadinmu wanda ba Musulmi ba. Ya halatta?

Abu_Sumayya: Malam Bash, tambayar 'yar'uwa a kan bayarwa ce, taka a kan karɓa, amma ga ta a gajarce. Kada ka ba kowa. A Sahihu Muslim wani mutum ya kawo wa Annabi (SAW) salkar giya kyauta, aka gaya masa an haramta, sai ya raɗa wa wani a sayar. Annabi ya ce wanda ya haramta shan ta ya haramta sayar da ita, mutumin ya kwance bakin salkar ta tsiyaye. Bai ce a kai wa wani maƙwabci ba. Abin da ya fi shi ne ka gaya wa masu haɗa kwandon tun kafin lokaci su cire daga naka. Cakulan ɗin ma ka karanta kwalinsa, akwai masu ruwan giya a tsakiya.

Talatu_Kafanchan: Kuma don Allah Malam Bash, wa ya ce maka maigadin yana sha? Ni Kirista ce, a ikilisiyarmu ba a shan giya, mahaifina dattijon coci ne bai taɓa kai ta baki ba. Wani abokin aikinsa Musulmi ya taɓa kawo masa irin wannan kwalbar da Kirsimeti, shi ma daga kwandon ofis ya ciro. Baba ya yi kwanaki abin na damunsa, yana cewa ashe kallon mashayi ake yi masa. Abin da kuke gudu a gidan Liman, mu ma muna gudunsa a namu gidan.

Bash_Legas: Gaskiya ban taɓa tambayarsa ba, Anti Talatu. Zan yi magana da masu rabon.

Maman_Hanan: Tunda an zo kan kwalba, nawa fa? An rubuta babu giya a gabansa da manyan baƙaƙe.

Zee_Famasi: Ki juya bayan kwalbar, iri biyu ne kuma ba ɗaya ba ne. Akwai ruwan inabi da aka matse aka sa masa iskar lemo, bai taɓa tsima ba. Shi za ki ga an rubuta Sparkling Grape Juice. Akwai kuma wanda sai da aka yi giyar ta kammala sannan aka cire mata sinadarin da inji. Shi ana rubuta De-alcoholised, kuma sau da yawa za ki ga ƙaramin rubutu cewa ragowar ba ta wuce 0.5% ba. Na farkon lemo ne kawai. Na biyun shi ne ake ta ja-in-ja a kansa.

Auwal_Funtuwa: Rabin kashi ɗaya cikin ɗari ai ko kunun zaƙin da ya kwana a zafi zai iya kai haka. Ko ka sha bokiti ba za ka bugu ba.

Abu_Sumayya: Masu halattawa da wannan suke kafa hujja, cewa hadisin ya ce abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa haramun ne, wannan kuwa mai yawansa ba ya bugarwa. Masu hanawa suna cewa asalinsa giya ce cikakkiya, giya kuma a littattafanmu tana tsarkaka ne in ta rikiɗe ta zama khal, ba don an tace ta ba. Ban ga an daidaita a kai ba, ni kaina ba na sha.

Maman_Hanan: Na duba, irin na farkon ne, ruwan inabi zalla.

Kawu_Sale: Ko zalla ne kada ki kai. Ku yara kuna duba rubutu, mu muna duba kwalba. Doguwar wuya, koren gilashi, takardar zinare a baki, murfin da ke fashewa da ƙara in an buɗe. Wa zai tsaya karanta Turancin bayanta a zauren liman? Almajiri ne zai karɓi ledar daga mota, ya ratsa da ita ta gaban masu ɗaukar karatu. Bayan an sha, yaro zai jefar da kwalbar a bola a ƙofar gida, masu jari-bola su tsinta, gobe a ji a unguwa an ga kwalbar giya a gidan Liman. Wa zai bi gida gida yana warwarewa? Annabi (SAW) da kansa, yana raka matarsa Safiyya da dare, da ya ga mutum biyu sun wuce da sauri sai da ya tsayar da su ya ce Safiyya ce, don kada Shaiɗan ya jefa musu wani abu a zuciya. Ki sayi katan na lemon kwali, ko zuma mai kyau da dabino. Inabin ku sha abinku a Abuja.

Ummu_Affan: Kawu, a gidajen biki a Katsinar ma ana ajiye irin kwalaben nan a tebur yanzu, kowa ya san su.

Kawu_Sale: A zauren biki na 'yan boko, 'yata. Ki je ki ajiye ta kusa da buzun Malam ki gani.

Nana_Asabe: Ni dokin nake jira a zo kansa. Ina da irinsa a falo, kyautar aure aka ba ni, kuma kullum ƙanen mijina in ya zo sai ya yi magana.

Abu_Sumayya: A duk kayan nan, doki ne wanda saɓani ya fi ƙaranci a kansa. A Malikiyya, surar da aka haramta ita ce wadda ta haɗa abu uku: ta abu mai rai ce, mutum ko dabba, tana da jiki har tana yin inuwa, kuma gaɓoɓinta cikakku ne. Dokin tagulla mai kai da ƙafa huɗu ya cika duka ukun. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko yadi, shi a mazhabar makaruhi ne in an ɗaukaka shi, in kuwa a abin da ake takawa ne ko ake zama a kai ya fi sauƙi. Sauran mazhabobi sun fi tsanantawa a kan zanen ma. Asalin maganar hadisin Nana A'isha ne, da ta rataya labule mai surori, Annabi (SAW) ya nuna ɓacin rai, ta yanka shi ta yi matasan kai. Ga kuma hadisin cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura. Liman da ke karantar da wannan a zaure ba zai ɗora doki a tebur ba, komai son da yake wa dawaki.

Sadi_Injiniya: Amma Nana A'isha ai tana da doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta, Annabi ya gani ya yi dariya.

Abu_Sumayya: Haka ne, yana cikin Abu Dawuda, kuma daga nan malamai suka yi rangwame ga 'yar tsanar yara mata. Rangwamen na wasan yara ne, bai kai ga kayan adon falon manya ba.

Nana_Asabe: To ni yanzu in yi yaya da nawa? Wadda ta ba ni tana zuwa gidan, za ta lura in babu.

Abu_Sumayya: Abin da ya zo a hadisin Jibrilu shi ne a cire kan, sai ya zama kamar bishiya. In ba za ki iya ba, ki sauke shi daga inda aka girmama shi.

Nana_Asabe: Doki babu kai a falo ai ya fi tayar da magana. Zan dai yi tunani.

Ɗan_Damagaram: Maman Hanan, in son dawaki ne, ki sa a wanke hoton hawan Sallar Katsina babba a sa a gilashi. Hoto ai ba sassaƙa ba ne.

Ummu_Affan: Shi ma ba kowa ba. Babana da nake cewa yana fesa turare, shi ne kuma bai yarda a rataya hoton kowa a bango ba, har na aurensa a cikin akwati yake. Kowane dattijo da inda yake tsanantawa. Abin da za ki yi, ki tuna ɗakin Baba: akwai hoton wani shehi ko kalanda mai fuskar mutum a bango? In akwai, hoto zai shiga. In bangon fayau yake sai agogo, kin sami amsa.

Maman_Hanan: Ban taɓa shiga ɗakinsa ba, a tsakar gida nake gaishe shi. Abban Hanan ya ce agogo ne kawai da jadawalin lokutan salla.

Kawu_Sale: Yana da doki a turke?

Maman_Hanan: Da yana da shi, yanzu ƙanen maigidana ke kula da shi, shi ke hawa da Sallah.

Kawu_Sale: To kuɗin dokin tagullar nan da buhun dusa da harawa kika saya wa na turken, da kin ga fara'ar tsoho. Ko sabon linzami. Amma wannan mijinki ya kamata ya kai, ba ke ba. Ke taki ita ce turaren da zumar, kuma ki ba uwar mijinki ta shigar masa, ko mijinki ya miƙa ya ce ga saƙon iyali. Haka aka fi yi.

Zee_Famasi: Kawu, wannan ba ya rage wa kyautar armashi? Ita ta sha wahalar zaɓe.

Hajiya_Babba: Ba ya ragewa, zai san daga ina ta fito, kuma albarkar da zai sa mata za ta iso ta ta bakin uwar mijin. Amma gida gida ne, akwai inda matar ɗa take miƙawa da hannunta bayan gaisuwa. Ta bi yadda ta ga sauran matan gidan suna yi.

Sadi_Injiniya: Har yanzu ni ina ganin da za a kai turaren feshin a ga abin da zai ce. Wataƙila muna ɗora masa ra'ayin da ba nasa ba, kamar yadda Ummu Affan ta faɗa da farko.

Maman_Hanan: Malam Sadi, ba zan yi gwaji da Baba ba. Na feshin na bar wa Abban Hanan, dama irinsa yake shafawa. Ya Falmata, rabin tola na farin miski zai isa, ko in haɗa da kwata na udu? Kuma Hajiya, in ya zamana ba ran 10 ba ne, ran 8 ko 9 ne, lissafin ya canza?

Ya_Falmata_Turare: Ki haɗa, amma kwalba daban daban, kada ki bari mai shago ya gauraya miki. Ki naɗe bakin kowace da leda kafin ki sa a jaka, mai yana tsiyaya a zafin mota ya ɓata atamfar.

Hajiya_Babba: Zai matsa da kwana ɗaya ko biyu ne kawai, Sallah dai a ciki za ta same ta. Kada ki tsaya lissafi daga Abuja, ki kira uwar mijinki ki tambaye ta ranar da suka tsayar ta fita, su suke riƙe da ƙirgen.